Takardar Janyewa Daga Jami'a Saboda Rashin Lafiya, da Makomar Kuɗin da Aka Biya

Yawancin ɗaliban da ciwo ke raba su da jami'a ba sa rubuta komai. Ana zuwa a kwashe kayansu daga hostal, a wuce da su asibiti ko gida, hankalin kowa ya koma kan jinya, makaranta kuma ba ta da labari. A wurin jami'a ɗalibin nan yana nan daram. Ya biya kuɗi, ya yi rajistar kwasa-kwasai, sunansa na cikin jerin masu zama jarrabawa. Ranar da aka zauna ba a gan shi ba, malami zai rubuta cewa bai zo ba, rashin zuwa ba tare da izini ba kuwa sifili ne a lissafin sakamako. Takardar janyewa ita ce ke tsayar da wannan lissafi, kuma ita ce kaɗai ƙofar da za a bi a yi maganar kuɗi.

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. A ce ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'ar tarayya, mai ciwon sikila. An buɗe zango ranar 13 ga Janairu, ta biya kuɗin rajista ranar 20, ta shiga aji mako biyar cif, sai ciwon ya tashi mata. Aka kwantar da ita ranar 17 ga Fabrairu, aka sallame ta ranar 3 ga Maris. Hoton da aka ɗauka ya nuna kan ƙashin cinyarta, wanda ke shiga cikin ƙugu, ya fara lalacewa saboda jini ba ya isa gare shi, abin da masu sikila suka san shi sarai. Likita ya ce sai sanda, sai hutu, wataƙila sai aiki a gaba, kuma bai iya cewa ga watan da za ta koma hawa bene da tsayuwar awa uku a ɗakin gwaje-gwaje ba.

Dubi abin da shiru zai jawo mata. A ce a aji ɗaya ta ɗauki yunit 36, ta tashi da CGPA 3.50. Ma'ana ta tara maki 126, domin 36 sau 3.5 ke nan. A wannan zangon ta yi rajistar yunit 18. Idan aka zuba mata F a dukkansu, makinta na nan 126 bai ƙaru ba, amma yunit ɗin da za a raba shi da su sun koma 54, sai CGPA ta faɗo 2.33. Yarinyar da ke bakin ajin digiri mai daraja ta biyu babba ta gangaro ajin daraja ta uku ba tare da ta faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Idan kuma rajistar shekara guda ta yi, kamar yadda ake yi a jami'o'i da dama, zango na biyu ma ya bi sahu, a raba 126 da 72, a samu 1.75. Wannan shi ne sakamakon da zai bi ta duk makarantar da ta nufa daga baya. Komawa aji da ɗingishi ma ba zai cece ta ba, saboda ƙa'idar da aka saba da ita ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ya cancanci zama jarrabawa. A zango mai mako goma sha biyar na karatu, wanda ya rasa mako huɗu ya riga ya tsallake iyaka.

Kafin a ɗora alƙalami, akwai shawarar da ta fi komai nauyi: janyewa za a yi, ko jingine karatu? Jinginewa, wadda ɗalibai ke kira difa, ita ce a nemi izinin ajiye karatu na zango ɗaya ko shekara ɗaya, gurbin mutum na jiransa, lambar rajistarsa na nan, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Janyewa kuwa sallama ce. Da zarar Majalisar Jami'a, wato Sanet, ta amince, gurbin ya tafi, mai son dawowa sai ya sake neman shiga. Iyaye da yawa cikin ruɗewar jinya sukan ce "a cire ta kawai," alhali abin da suke nufi shi ne a ba ta lokaci. Idan da tarin fuka ne ya kama yarinyar nan, wanda maganinsa na wata shida ne kuma an san ƙarshensa, da ba zan bari ta rubuta takardar janyewa ba sam. Ko a nata yanayin ma, malamin da ke kula da ajinsu, idan mai kirki ne, zai ja uban gefe ya ce, "Alhaji, a fara jingine shekara ɗaya tukuna, mu ga abin da Allah zai yi." Shawara ce mai kyau, kuma sau tari ita ce daidai.

Sai dai jinginewa na da iyaka. Ana bayar da ita ne zuwa wani lokaci ƙayyadadde, a sabunta in an yarda, kuma akwai wa'adin da ba a wuce shi a kan digiri: na shekara huɗu ba ya wuce shida. Ko ana lissafa shekarar da aka jingine cikin wa'adin ko ba a lissafawa, abu ne da ke rubuce a littafin dokokin ɗalibai na kowace jami'a, sai a buɗe a duba. A misalinmu, gida sun zauna sun ga cewa matsalar ba ta wata shida ba ce. Jami'ar na da nisa da asibitin da ke duba ta, kwas ɗin kuma na tsayuwa ne. Suka yanke cewa idan ta samu sauƙi za ta nemi makaranta a garinsu, ko ta shiga jami'ar karatu daga gida, NOUN. To nan janyewa ta zama da ma'ana, kuma manufar takardar ta fito fili: a fita da suna mai tsabta, da sakamakon aji ɗaya ba tabo, sannan a ga abin da za a iya ceto na kuɗi.

Ginshiƙin takardar shi ne rahoton likita, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Katin asibiti, ko takardar magani, ko rasit ɗin gado, duk ba rahoto ba ne. Ana son wasiƙa a kan takardar asibitin mai tambari, da sunan likitan da sa hannunsa da hatimi, wadda ta faɗi ranar da aka fara ganin mara lafiya, da ranar kwanciya da ta sallama, sannan ta faɗa ƙarara cewa ba za ta iya ci gaba da karatu ba a halin da take ciki. Rahoton da ya lissafa sunan ciwo da magunguna amma bai taɓo karatu ba, bai amsa tambayar da jami'a ke yi ba. Shi ma wannan rahoton ba ya wucewa kai tsaye. Jami'a na tura shi ga daraktan asibitinta ya tantance, kuma yana da ikon ya ce a kawo ɗalibar ya gani, ko ya tuntuɓi asibitin da ya rubuta. Rahoton asibitin gwamnati, musamman asibitin koyarwa, ya fi saurin wucewa a kan na ƙaramin asibitin kuɗi. Dalili ba boyayye ba ne: an sha kawo takardun bogi daga ɗaliban da jarrabawa ta tsorata. Ga mai sikila akwai wani abu da ke taimakawa. Idan tun gwajin lafiyar shiga jami'a ta bayyana ciwonta, fayil ɗinta na kilinik zai gaskata ta tun kafin a buɗe rahoton. Wadda ta ɓoye a lokacin don kunya, yanzu sai ta yi ƙarin bayani.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Ciwo da dama a gida ake jinyarsa, wurin mai ɗori, ko mai ruƙiyya, ko mai maganin gargajiya, musamman idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ban zo gardama kan wannan ba, amma Sanet ba ta karanta shaidar malamin unguwa. Duk inda za a nemi magani, a kai mara lafiya asibiti tun farko a buɗe masa fayil, domin ranar da ke kan fayil ɗin ita ce za ta tabbatar cewa ciwon ya riga jarrabawa, ba bayan an ga sakamako aka tuna da shi ba. Kuma ba dole ba ne sunan ciwon ya fito a jikin takardar ɗalibi. Takarda na bin tebura da yawa, masinja ya ɗauka, akawu ya buɗe, sakatariya ta karanta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, don haka ya isa a rubuta "saboda rashin lafiya," a rufe rahoton cikin ambulan da sunan daraktan asibitin jami'a a bayansa.

Takardar kanta da Turanci ake rubuta ta, domin shi ne harshen ofis, amma ginin ɗaya ne. Ana aika ta ga Rajistara, magatakardan jami'a, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe. Wannan "ta hannun" ba ado ba ne. Takardar da ta tsallake shugaban sashe ta faɗa ofishin Rajistara, dawo da ita za a yi, an yi asarar mako biyu a banza. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku shi kuma takardarsa na bi ta makarantar karatun gaba da digiri. A sama akwai cikakken suna kamar yadda yake a rajista, da lambar rajista, da sashe, da aji, da lambar waya. Ga yadda cikinta zai kasance idan aka faɗe shi da Hausa:

"Ina neman izinin janyewa daga karatun digiri na kimiyyar sinadarai, bisa raɗin kaina, saboda rashin lafiya. Na yi rajistar wannan shekarar karatu ranar 20 ga Janairu, kuma ranar ƙarshe da na shiga aji ita ce 14 ga Fabrairu. An kwantar da ni a asibiti daga 17 ga Fabrairu zuwa 3 ga Maris. Rahoton likitana na haɗe a cikin ambulan rufaffe zuwa ga daraktan asibitin jami'a.

"Ina roƙon a lissafa janyewata daga ranar 17 ga Fabrairu, a soke rajistar kwasa-kwasan da na yi a wannan shekara domin kada a rubuta mini faɗuwa a cikinsu. Ina kuma roƙon a ba ni takardar shaidar cewa da kaina na janye, ba korata aka yi ba, tare da bayanin yadda zan nemi takardar sakamakona ta aji ɗaya.

"Game da kuɗi, na biya naira 95,000 na rajista da naira 40,000 na hostal, kwafin rasit da lambobin RRR na haɗe. Na miƙa makullin ɗaki ranar 5 ga Maris. Ina roƙon a sanar da ni a rubuce ko akwai abin da dokar jami'a ta yarda a mayar daga cikin waɗannan kuɗaɗe, da ofishin da zan nema, da takardun da ake buƙata."

Sai godiya ta layi ɗaya, sa hannu, da kwanan wata, a ce 10 ga Maris. Ba ta wuce shafi guda ba, kuma haka ake so. Ba wurin ba da labarin daren da aka kwana ana kuka ba ne, ba kuma wurin dogon kirari ga Rajistara ba. Wanda zai karanta yana neman abin da zai cika a takardar da zai gabatar wa kwamiti: wace ce, me take so, daga yaushe, mene ne hujja.

A lura da biyu daga cikin ranakun da ke cikinta. Ranar rubutawa 10 ga Maris ce, amma an roƙi janyewar ta fara daga 17 ga Fabrairu, ranar da rahoton likita ya tabbatar. Dalilin wannan shi ne takarda na daɗewa a hanya. Daga sashe sai kwamitin tsangaya, daga nan sai kwamitin da ke tace abin da za a kai Sanet, sannan Sanet ta zauna, kuma ba kullum take zama ba. Yana yiwuwa a yi jarrabawar zango a gama amincewar ba ta fito ba. Idan takardar ba ta faɗi rana ba, kuma ba ta roƙi a soke rajistar kwasa-kwasai ba, jami'in jarrabawa na sashe ba shi da abin da zai dogara da shi, sai ya zuba sifili kamar yadda doka ta ce. Shi ya sa yake da kyau a ba shi kwafi hannu da hannu. Jimlar "ba korata aka yi ba" ita ma tana da aiki. Jami'a na sallamar ɗalibai saboda faɗuwa, da satar jarrabawa, da rashin ɗa'a, duk kuma a takarda suna iya zama kamar abu ɗaya ga wanda bai duba da kyau ba. Makarantar da za ta nema nan gaba za ta so ta san wanne ne, sunanta kuma ya riga ya shiga jerin ɗaliban da JAMB ke riƙe da shi a ƙarƙashin tsohuwar jami'ar, don haka takardar shaidar za ta yi mata rana.

Yanzu kuɗi, wanda shi ne abin da uba ya fi tambaya bayan ya sha kuɗin asibiti. Gaskiyar da ya kamata a faɗa masa tun farko ita ce, a jami'o'in gwamnati abin da aka fi rubutawa shi ne kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Shi ya sa takardar ta yi tambaya, ba ta yi umarni ba. Wanda ya rubuta "a dawo mini da kuɗina" ya ba su damar amsa masa da kalma ɗaya. Wanda ya tambayi abin da doka ta yarda da shi, kashi-kashi, ya sa dole a buɗe littafi.

Abin da muke kira kuɗin makaranta ba dunƙule ɗaya ba ne. A hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga ɗaliban digiri na farko 'yan ƙasa. Abin da ake biya tarin ƙananan caji ne, kuma suna jere a takardar da fotal ke fitarwa: rajista, jarrabawa, laburare, ɗakin gwaje-gwaje, intanet, wasanni, katin shaida, lafiya. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a ga waɗanda suka riga suka tafi. An yi mata rajista, an buga kati, waɗannan an ci su. Kuɗin lafiya wani ɓangarensa na inshorar ɗalibai ne, TISHIP, wadda ke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, kuma ana biyan sa ne na shekara. Wannan bai kamata ma a nemi a mayar ba. Abin tambaya shi ne ko inshorar na ci gaba da rufe ta har ƙarshen shekarar da ta biya, da kuma ko kilinik ɗin jami'a zai iya ba ta takardar turawa babban asibiti a ƙarƙashinta. Iyalai da yawa ba su san ɗansu na da wannan inshora ba har su gama sayar da abin da za su sayar. Tana da iyaka, ba kowane aiki take ɗauka ba, amma a tambaya kafin janyewar ta tabbata, ba bayanta ba. Kuɗin karɓar gurbi da aka biya a aji ɗaya, da naira dubu kaɗan na ƙungiyar ɗalibai da ta sashe, a manta da su.

Abin da ya rage mai hujja shi ne cajin abin da ba ta mora ba: jarrabawar da ba za ta zauna ba, kayan gwaje-gwajen zango na biyu, da hostal. Hostal ya fi kowanne ƙarfin hujja, domin gado abu ne da ake rububinsa, kuma idan ta miƙa makulli a farkon Maris za a iya ba wata. Shi ya sa ranar miƙa makulli ta shiga takardar, kuma ya kamata mai kula da hostal ya sa hannu a wata 'yar takarda cewa ya karɓa. Wani kuskure da ake yi shi ne a sayar wa wata ɗaliba gadon a ɓoye don a rage asara. Laifi ne a dokar hostal, kuma yana iya ɓata fitar da ake so a yi da suna mai tsabta. Daga naira 135,000 ɗin nan, idan an samu wani abu na hostal ya dawo an yi sa'a, idan ba a samu komai ba kuma ba zalunci na musamman aka yi mata ba, haka tsarin yake. A nan ne jinginewa ta fi janyewa riba ta fuskar aljihu: wanda ya jingine yana iya roƙon a ɗaga masa kuɗin zuwa shekarar da zai dawo, kuma wannan roƙon ya fi sauƙin karɓuwa, saboda ba sai kuɗi sun fita daga asusu ba. Ba kowace jami'a ke yarda ba, musamman idan an riga an yi nisa a zango, amma ya cancanci layi guda a takarda.

Me ya sa fitar kuɗi ke da wuya haka, ko da an amince? Tun 2015 da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya, TSA, kuɗin da ɗalibi ya biya ta Remita ba ya zama a wani banki da ke harabar jami'a. Yana wucewa asusun da ke Babban Bankin Najeriya. Babu wani akawu da zai buɗe durowa ya ƙirgo maka. Mayar da ko naira dubu goma biya ne daga asusun gwamnati: sai an samu amincewar shugabannin jami'a, Bursa ya sa a rubuta baucan biya, masu binciken kuɗi na cikin gida su duba, sannan a tura ta banki. Lambar RRR, mai lamba goma sha biyu, ita ce zaren da za su bi su gano biyan a cikin dubbai, don haka takardar da ba ta da ita ba ta da inda za ta. A kan so asusun da za a tura wa kuɗin ya zama da sunan ɗalibar, ko da uba ne ya biya. Irin mayarwar da ofishin Bursa ya saba yi ba tare da gardama ba ita ce ta wanda ya biya sau biyu bisa kuskure, ko ya biya fiye da ƙima. Idan akwai irin wannan a lissafinta, a ware shi a layinsa daban, domin haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Idan ba daga aljihun gida kuɗin ya fito ba, magana ta canja. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka kafa da dokar 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma tura wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 duk wata na kashewa. Wannan bashi ne da sunan ɗalibar, janyewa kuma ba ta goge shi. Duk abin da jami'a za ta mayar daga irin wannan kuɗi, hankali ya ba da cewa wurin mai bashi zai koma, ya rage mata nauyi, ba hannunta ba. Ya kamata takardar ta faɗi cewa NELFUND ne ya biya, ita kuma ta sanar da su ta daina karatu, kada kuɗin wata-wata ya ci gaba da shigowa yana ƙara mata bashi alhali tana kwance. Idan kuwa gida sun riga sun biya, daga baya NELFUND ya sake biyan kuɗin shekarar, to biya biyu ke nan, kuma wanda gida suka biya nata ne. Haka wanda hukumar tallafin karatu ta jiha ko wani attajiri ya ɗauki nauyinsa, a gaya musu da wuri, kafin su ji a bakin wani. Jami'o'i masu zaman kansu nasu lissafin daban ne, domin akwai kuɗin koyarwa na gaske da na abinci da na ajiya saboda ɓarna, kuma wasunsu na da jadawalin abin da ake mayarwa gwargwadon makon da aka fita. A can kowane mako na jinkiri kuɗi ne, sai a duba takardar da aka sa wa hannu ranar shiga.

Idan ɗalibar ba ta iya zuwa, uba ko yaya na iya kai takardar, amma sa hannun ya zama nata matuƙar tana iya riƙe biro. Idan ba ta iyawa, mai rubutawa ya faɗi ko shi wane ne a wurinta da dalilin da ya sa shi ya rubuta, kuma ya fi kyau ya zama shi ne wanda ta rubuta a matsayin makusancinta a fayil ɗin shiga. Ya je da kwafi uku ko huɗu. Sakatariyar sashe za ta karɓi na asali, shi kuma ya miƙa mata ɗaya ya ce, "Hajiya, don Allah a buga mini hatimi a wannan, da kwanan wata." Kada ya fita ba tare da shi ba. Takardu na ɓata a ofis, mutane na canja wurin aiki, yajin aiki na iya rufe makaranta wata da watanni, wannan kwafin mai hatimi shi ne kaɗai shaidar cewa an sanar kafin jarrabawa. A ɗauki hotonsa a waya tun a bakin ƙofa.

Amsar ba a takarda ɗaya za ta zo ba. Ta janyewa daga ofishin Rajistara take fitowa bayan zaman Sanet, ta kuɗi kuma sai an bi ofishin Bursa, wanda yawanci ba zai motsa ba sai ya ga waccan ta farko, tare da takardar kiliyarans da ke nuna ba ta riƙe da littafin laburare, ko kayan ɗakin gwaje-gwaje, ko makullin hostal. Kiliyarans ɗin nan kuma shi za a nema ranar da ta zo karɓar takardar sakamako, don haka gara a zagaya a gama shi yanzu da fuskarta ke sananniya a sashe. Bayan mako huɗu zuwa shida, wanda ya kai takardar ya koma da kwafinsa ya tambayi inda ta kwana: tana sashe, ta wuce tsangaya, ko tana jiran daraktan asibiti? Mafi yawan lokaci a wurin tantance rahoton likita take maƙalewa, ana jiran amsar asibitin da ya rubuta, kuma kiran waya ɗaya zuwa ofishin likitan kan warware ta. Idan sakamakon zango ya fito kafin amincewar, a shiga fotal a duba. In an ga F a kwasa-kwasan da aka roƙi a soke, a rubuta gajeriyar tunatarwa ga shugaban sashe a haɗa da kwafin mai hatimi, tun kafin a kai sakamakon gaban Sanet, domin gyara shi bayan ta amince da shi sai an sake bin duk matakan daga farko.